Kuɗin da Ke Kwana a Tasha

Ina cikin mutanen da ba a gane halinsu sai ranar Juma'a da yamma, sa'ad da aka ce mana "an tura" amma waya ta yi gum. Mu ne masu kashe waya mu kunna, mu ɗaga ta sama wai ko sabis ne, mu zargi wanda ya tura, mu zargi banki, daga ƙarshe mu zargi mutanen ƙauye. A madadin wannan ƙungiya tamu nake cewa kuɗin nan ba ɓata ya yi ba, ba kuma tafiya yake yi ba. Zaune yake yana jiran a buɗe littafi, littafin kuwa ba a buɗe shi sai ranar aiki.

Kuɗi ba ya tashi daga wannan banki ya sauka a wancan. Kowane banki yana da asusu a Babban Bankin Nijeriya, can ne ake rage wa wannan a ƙara wa wancan. A tsakaninsu akwai NIBSS, kamfanin da bankuna da Babban Banki suka mallaka, shi ke haɗa lissafin. Hanyarsa da ake kira NEFT, wadda ake yawan biyan albashi da ita, ba ɗai-ɗai take ɗauka ba. Tara saƙonni ake yi a tura su a dunƙule, a ƙayyadaddun lokuta, kamar motar tasha da ke da lokacin tashi. A ce abokan hulɗar banki na farko sun tura naira miliyan 500 zuwa na biyu, na biyun kuma sun turo miliyan 480. Miliyan 20 kacal za ta motsa a littafin Babban Banki. Wanda ya zo bayan motar ƙarshe ta Juma'a ta tashi, kayansa a tasha za su kwana, ko da shi ne sarkin tashar.

Abin da ke tayar mana da hawan jini shi ne ana cire kuɗin daga asusun mai turawa nan take. Shi ya ga alat, ya ɗauki hoton rasit ya turo maka, har da "Allah ya sa albarka". Amma bankinsa ya ajiye kuɗin ne a wani asusun jira na cikin gida, da kwanan watan ranar aiki ta gaba. In Litinin hutu ce kuma, sai a ƙara haƙuri. A 2023, Ranar Dimokuraɗiyya, 12 ga Yuni, ta faɗo Litinin, saboda haka albashin da aka makara turawa ranar Juma'a 9 ga wata ba shi da mota sai Talata 13. Mai shagon unguwa dai bai san wannan kalanda ba, shi nasa littafin bashin a buɗe yake kullum.

Wani zai ce, to kwamfuta barci take yi? Ba ta yi. Amma biya tsakanin bankuna, in an rubuta shi, ya zauna, kuma dole a samu ma'aikacin da zai tabbatar akwai kuɗi a asusun bankinsa, ya nemo rance in ya gaza, ya warware lissafin da bai yi daidai ba. Kasuwar da bankuna ke rantar juna ita ma a rufe take Asabar da Lahadi. Wani kuma zai ce juya kuɗinmu suke yi. Ba zan rantse wa banki ba, kuɗin da ya kwana a hannunsa bai cuce shi ba, amma ba shi ya tsara ranakun ba.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta mai cewa shi ranar Lahadi da tsakar dare ya biya mai shayi, kuma kuɗin ya shiga kafin shayin ya huce. Gaskiya ne, amma wannan NIP ce, wadda aka fara a 2011, tana aiki dare da rana. A nan bankin mai karɓa ke zuba maka kuɗin tun kafin bankunan biyu su daidaita tsakaninsu, wato ya yarda za a biya shi daga baya. Don haka kafin ka ɓata da wanda ya turo maka kuɗin, duba rasit ɗin. In NEFT aka rubuta, nemi tabarma ka jira Litinin. In NIP ce kuma kuɗi bai shiga ba, ba ruwan Juma'a, saƙon ne ya maƙale: ka karɓi Session ID, lambar nan mai alƙaluma 30, mai turawa ya kai ƙara bankinsa. In kuwa ya ce rasit ɗin ya goge, to wannan matsalar ta fi ƙarfin Babban Banki.