Kafin Ka Kira Mai Fenti, Kira Taubashinka

Na san abin da za ku ce, mutanen Katsina. Suna kuma sai an yi masa gwaji? To, Alhaji, ajiye kofin shayin nan ka amsa mini: filin wasan da aka gama ginawa a 2013, wanda hukuma ta raɗa wa sunan Muhammadu Dikko, me kake ce wa mai Napep idan za ka je? Karkanda. Sunan sarki guda ke nan, amma bakin gari ya ci gaba da abin da ya saba. Kai da za ka buɗe shago a Ƙofar Ƙaura, me ka taka?

Na ce “bakin gari” da gangan. A ce Hajiya za ta buɗe gidan abinci don matafiya, ta zaɓi “Baƙin Gari”, wato waɗanda suka shigo birni daga nesa. A cikin kanta sunan ya yi daɗi, domin ita ta san muryar da ta ɗora masa. Matsalar ita ce rubutun boko ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali. Wanda ya ga allon bai taɓa jin sunan ba yana iya karanta shi da nufin garin tuwo mai baƙin launi, kuma ba mai yunwar da zai yi marmarinsa. Sannan mai fenti, ko wayar da ba ta da ƙ, ta cinye lanƙwasar, allo ya koma BAKIN GARI. Sai baƙon da aka yi wa kwatance ta saƙon waya ya ce a kai shi bakin gari, a wuce da shi hanyar Jibiya, miya tana hucewa a Ƙofar Ƙaura.

“Ai sai mu yi wa mutane bayani.” Kayya, Hajiya! Mutum nawa za ki tare a titi?

Gwajin bai kai kuɗin gwangwanin fenti ba. Rubuta sunan da manyan baƙaƙe, ba lanƙwasa, ka miƙa wa wanda bai san zancen ba, ka ce ya karanta da ƙarfi. Kada ka riga shi faɗa, don in ya ji daga bakinka kwaikwayo kawai zai yi. Ka saurari inda ya yi turus. In ya ɗago kai ya ce “wanne daga ciki?”, sunan ya faɗi. Daga nan sai ka juya: kira wani a waya, gara ma yana tsakiyar kasuwa, ka faɗi sunan sau ɗaya, ya rubuto maka abin da ya ji. Washegari ka aiki yaro da sunan, ka ji da me zai dawo. Yaro ba ya ɗaukar suna mai tsawo, yanke shi yake yi, kuma guntun da ya bari shi unguwa za ta riƙe.

Masu son Turanci, ku ma ban ƙyale ku ba. Harshenmu ba ya son baƙaƙe a cunkushe, sai ya cusa wasali a tsakani, ya mai da p ta zama f, yadda muka samu fanka da fensir. Bakatsinen asali kuma ya ƙara da nasa, tunda mai cewa “tahi” da “hwara” ba zai bar f ɗinka lafiya ba. Ka fara jin sunan a bakin kakarka kafin ka buga leda dubu.

Wa za a tambaya? Ban da mahaifiya da wanda yake cin bashi a wurinka, su kam komai “ma sha Allah” ne. Nemi taubashinka, ko Banufen da kuke wasa da shi, mutumin da al’ada ta ba shi izinin yi maka dariya. Kada ka ce “ya yi kyau?”. Ce masa: in za ka tsokane ni da sunan nan, me za ka ce? In ya samo amsa kafin ya haɗiye goro, yaran unguwa ma za su samo. Da Hajiya ta gwada “Gidan Akushi”, ba lanƙwasa, ba karatu biyu, da taubashin ya sha wuya.

Saura mai cewa za a sace masa suna. Hukumar rajistar kamfanoni, CAC, tana ajiye wa mutum sunan da ta amince da shi har kwana 60, kuma mutum biyar da ka amince da su sun isa gwaji. Sai dai aikinta shi ne ta duba ko wani ya riga ka, ko doka ta hana sunan. Ba ruwanta da yadda mai Napep zai furta shi a gindin Gobarau. Wannan aikinka ne, Alhaji, kuma taubashinka kyauta zai yi maka.