Yadda Ake Aika Saƙon Murya Kantin Kwari Ba Tare da An Yi Rigima Ba

Hajiya, kina Gusau, kina son kaya daga Kantin Kwari, kin ɗauki waya kin danna makirufo. Madalla. Ki yi sallama, ki tambayi iyali da kasuwa, ki yi wa Alhaji mai shago barka da zuwan jika. Murya ta fi rubutu iya wannan. Amma da kin iso kan “turmi nawa”, ki saki makirufo ki koma rubutu.

Alhaji yana tsakiyar layi ne, janareta na ruri, ɗan dako na ihun a ba shi hanya. Saƙonki na minti shida kuwa, sauri biyu zai sa masa, ki dawo kina magana kamar mai gwanjo. A haka biyu da biyar da bakwai duk “b” ce ke isa kunnensa, talatin kuma ta zama tamanin. Kin ce turmi biyu na atamfa, yadi goma sha biyu ke nan. Shi ya ji biyar, ya ɗaure yadi talatin ya kai tasha. Ranar da kaya suka sauka, sai a fara neman minti na nawa kika faɗa.

Neman ma wahala ne. Akwatin bincike na WhatsApp yana gano kalmar da aka rubuta, amma ba ya shiga cikin murya. Bayan mako uku, sai an bi saƙonni ɗaya bayan ɗaya ana saurare, har da labarin bikin ƙanwarki.

Lambobi sun fi komai haɗari. Lambar asusun banki goma ce, ta waya goma sha ɗaya. A rubuce, kwafa ake yi a liƙa. A murya, sai yaron shago ya riƙa tsayar da ke yana rubutawa a bayan kwali, kuma ɗaya ta ɓace, direba ba zai same ki ba.

Kada kuma ki tura muryar ƙawarki ki ce, “A yi mata abin da ta ce.” Ta ce shuɗi, ta ce a’a kore, can ƙarshe ta ce irin na Maman Biyu. Alhaji bai san Maman Biyu ba. Ke ki saurara, ki tace, ki rubuta:

Atamfa turmi 2, mai hoton nan. Shadda fara yadi 5. A sa a motar Gusau ranar Talata. Ga sunan mai karɓa da lambarsa.

In rubutun boko na ba ki wuya, ki sa yaro ya rubuta ya karanta miki, ko ki rubuta da ajami a ɗauki hoto. Kai ma Alhaji, in murya kaɗai aka turo, rubuta abin da ka ji ka mayar, kada almakashi ya taɓa shadda sai Hajiya ta amsa da “haka ne”.