Cutar "To, Ba Damuwa"

Ina da wata cuta da ba a sayar da maganinta a kemis: ban iya buɗe baki in ce wa mutum lokacin da ya sa mini bai yi ba. Ka ce mu haɗu Talata da hantsi, kafin ka rufe baki na ce "to, ba damuwa", alhali Talatar nan na riga na yi alkawarinta ga mutum biyu. A gida kawaici ake kiran wannan, har yabo nake sha. Amma da na shiga neman aiki sai yabon ya zame mini jidali.

Wata ƙungiya mai ofishi a Nairobi ta gayyace ni intabiyu ta Zoom, ranar Laraba 15 ga wata, ƙarfe 12 na rana. Ko gama karanta saƙon ban yi ba na mayar da amsa na amince, har da godiya layi uku. Na san a ranar zan kare kundin digirina na biyu da ƙarfe 10 na safe, amma na yi lissafin kafin 12 na fito. Sai da dare na lura da haruffa uku a gefen lokacin: EAT, wato agogon Gabashin Afirka. Nairobi tana gabanmu da awa biyu, don haka 12 ɗinsu ita ce 10 ɗinmu cif. Taura biyu ke nan a baki ɗaya.

Mai hankali zai rubuta musu a daren. Ni kuwa sai na shiga ƙulle-ƙulle. Na fara da addu'ar Allah ya sa malamin da zai zo daga wata jami'a ya jarraba ni ya makara. Na koma tunanin in roƙi izinin zagayawa, in tsaya a baranda da waya in yi intabiyun a tsaye. Da abin ya ƙi, na duba cikin dangi wa zan kwantar a asibiti, har na tsayar da kakata, wadda ta rasu tun ina firamare. Duk wannan wahalar don kada in furta cewa ina da wani uzuri. Kwanaki suna ta tafiya, kuma kowace rana da ta wuce tana ƙara wa roƙon nawa muni, domin ɗage lokaci saura mako guda abu ne da ofisoshi suka saba da shi, amma ɗage shi ana gobe ɓata wa mutane shiri ne.

Daga ƙarshe na rubuta wasiƙa mai kusan shafi guda. Na gaishe su, na ba da haƙuri a sakin layi na farko da na biyu da na uku, na ba da tarihin kundina tun daga zaɓen batu, sannan na rufe da abin da nake gani shi ne ƙarshen ladabi: "duk lokacin da kuka ga dama, ni a shirye nake." Allah ya taimake ni na nuna wa yayata, wadda ta daɗe tana aikin tsara irin wannan ganawa a inda take aiki.

Ta karanta ta ajiye wayar. "Kai dai Allah ya shirye ka. Wannan wasiƙar neman aiki ce ko ta ta'aziyya?"

"Yaya, ladabi ne fa."

"Ladabin da zai ƙara mini aiki? Ka san yadda ake sa lokacin nan kuwa?"

Ban sani ba, sai ta yi mini bayani. Ba mutum ɗaya ke yin intabiyu ba, kwamiti ne na mutum uku ko huɗu, kowa da tarukansa. Wadda ta aiko mini da saƙo ta sha fama kafin ta sami awar da dukansu suke da sarari, kuma galibi a jere ake sa masu neman aikin cikin kwana ɗaya ko biyu, don a gwada su tun ba a manta da na farko ba. In na ce "duk lokacin da kuka ga dama", na mayar mata da aikin daga tushe: ta sake bin kwamiti, ta zaɓo lokaci, ta aiko, wataƙila ya sake karo da wani abu nawa. In kuwa na ba ta lokuta uku tsayayyu, ɗora su kawai za ta yi a kan jadawalin mutanenta ta ɗauki wanda ya shiga. Abin da na ɗauka tawali'u ne, a wajenta lalaci ne.

Ta kuma sa ni na tantance wanne ne zai motsu cikin biyun. Kare kundi ya haɗa malamin waje da ya taso daga wani gari, da malaman sashe, da sauran ɗalibai da aka jera rana guda, ba zai ɗagu don ni ba. Hira ta minti 45 a Zoom kuwa tana ɗaguwa. Ga abin da ya rage bayan ta gama yanka wasiƙar:

"Na gode da gayyatar da kuka yi mini ta Laraba 15 ga wata. Bayan na amsa sai na lura lokacin ya zo daidai da kare kundin digirina, wanda ba ni da ikon ɗage shi. Ku yi mini afuwa. Ko ɗaya daga cikin waɗannan zai yi muku? Talata 14, ƙarfe 11 na safe agogon Nairobi, 9 a Najeriya. Alhamis 16, ƙarfe 4 na yamma, 2 a Najeriya. Litinin 20, ƙarfe 12 na rana, 10 a Najeriya. In babu wanda ya dace, ku faɗi wanda ya fi muku sauƙi a makon. Har yanzu ina matuƙar son aikin nan."

Haƙuri sau ɗaya, dalili jimla ɗaya, kuma gaskiya. Lokutan ma ba da ka aka zaɓe su ba. Na farko ya riga ranar asali, don a gane ba gudun intabiyun nake yi ba. Kwanakin daban-daban ne, sa'o'in ma haka, domin in wani ɗan kwamiti yana da taro kowace safiya, safiya uku da zan bayar duk sun tashi a banza. An sa rana da kwanan wata da agogon ƙasashen biyu, tunda nan ne na fara faɗawa rami. Juma'a kuwa muka tsallake ta gaba ɗaya, kada hira ta ja ta shiga lokacin masallaci in koma roƙo na biyu. Yaya ta ce roƙo ɗaya ake yi, na biyu yakan sa a fara tambayar ko haka mutum zai riƙa yi in an ɗauke shi.

Ta ce in amsa a ƙarƙashin saƙon gayyatar, kada in buɗe sabo, don mai karantawa ta ga wane aiki da wane mutum ake magana. In gayyatar ta Google Calendar ce, akwai "Propose a new time", amma lokaci ɗaya yake ɗauka, don haka a haɗa da saƙo. Da a ce ana gobe ne ko a ranar, waya ake bugawa tukuna, rubutu ya biyo baya. In an yi kwana biyu na aiki shiru, a sake tuntuɓa a taƙaice, domin har sai sun amsa, tsohon lokacin yana nan daram. Kuma ba ko'ina dabarar ke ci ba: tantancewar gama-gari irin ta ɗaukar ma'aikatan gwamnati, inda ake tara ɗaruruwa rana guda, da wuya a ɗaga ta don mutum ɗaya. Can sai dai ka zaɓi wanda za ka rasa.

Har na kai yatsa zan tura, ta riƙe mini hannu. "Lokutan nan uku, ka tabbata duk naka ne? Sai ka tsare su har su amsa fa."

Na ce ƙwarai. Ta ce in buɗe jadawalina ta gani. Litinin 20 da ƙarfe 10 na safe, ashe na yi wa Hajiya alkawarin kai ta ganin likitan ido, na kuma yi wa wani maƙwabci alkawarin raka shi banki. Muka mayar da ita Talata 21, Yaya tana tsaye a kaina har na danna.