Ku kawo kalkuletarku, masu gardama

Na ji labarinku. Wai jadawalin tauri, wanda injiniyoyi ke kira matiris, wahala ce kawai da malaman jami'a suka ƙirƙiro don su kayar da ɗalibai, tunda mai walda na bakin titi yana haɗa ƙarafan rufi ba tare da ya san sunansa ba. To, ku gyara zama, mu rataya kaya a bango mu gani.

Ga bango. A gindinsa akwai gaɓa ta 1, mita 3 sama da ita gaɓa ta 2. Sanda ta kwance mai tsawon mita 4 ta fito daga gaɓa ta 1, wata mai mita 5 ta gangaro daga gaɓa ta 2, suka haɗu a gaɓa ta 3. Nan muka rataya nauyin 12 kN, kusan buhun siminti 24. Duka biyun ƙarfe ne mai E = 200 kN/mm², kaurin kowace A = 500 mm². Tambayar ita ce, ina gaɓa ta 3 za ta nufa, kuma da milimita nawa?

Kowace sanda tana da taurin kanta, k = EA/L, wato ƙarfin da ake bukata kafin ta miƙe da milimita ɗaya. Ta kwancen 25 kN/mm, ta gangaren 20, don doguwa ta fi saurin ba da kai. Sai dai sanda ba ta gardama sai ta tsawonta. In ka tura ta ta gefe, juyawa za ta yi a kan fil ɗinta. Shi ya sa ake kawo c da s, kosayin da sayin na kusurwarta, a raba taurin tsakanin kwance da tsaye: kc², kcs, ks². Ta kwancen tana da c = 1, s = 0. Ta gangaren, in ka bi ta daga 2 zuwa 3, c = 0.8, s = −0.6.

Gaɓa uku, kowace da hanyar motsi biyu, babban jadawali ya zama layi 6 da ginshiƙi 6. Kada ku tashi, Malam! Gaɓa ta 1 da ta 2 a ɗaure suke da bango, motsinsu sifili ne, sai a soke layukansu da ginshiƙansu. Abin da ya rage gidaje huɗu ne, kowace sanda ta zuba nata a ciki kamar adashi: 25 + 12.8 a gidan farko, −9.6 a gidaje biyu na gicciye, 7.2 a na ƙarshe. Motsin gaɓa ta 3 na kwance shi ne u, na tsaye v.

```
37.8u −  9.6v =   0
−9.6u +  7.2v = −12
```

Ditaminan ɗinsa 180. Amsa: u = −0.64 mm, v = −2.52 mm. Gaɓar ta sauka milimita biyu da rabi, ta kuma ɗan matsa wajen bango. Ta kwancen ta gajarta da 0.64, a ninka da 25, tana shan matsi na 16 kN. Ta gangaren ta miƙe da milimita 1 cif, ja na 20 kN. Kashi 0.6 na 20 shi ne 12, nauyin da muka rataya. Lissafi ya rufe.

Ga wani can yana murmushi: ai daidaita ƙarfi a gaɓa ɗaya zai ba ni 16 da 20 kafin shayi ya huce. Gaskiyarka, yallaɓai. Yanzu kafa ginshiƙi mai mita 2 a ƙarƙashin gaɓa ta 3, irin ƙarfen nan. Sanda uku ke nan, ma'auni biyu kawai gare ka, dabararka ta cije. Ni kuwa 50 zan ƙara a gidan ƙarshe, 7.2 ta koma 57.2. Saukar ta dawo kusan 0.22 mm, ginshiƙin ya kwashe wajen 11 kN cikin 12. Wannan sauƙin zubi ne ya sa hanyar ta samu karɓuwa wajen masu ƙera jiragen sama, tun daga takardar Turner da Clough da Martin da Topp ta 1956.

Tarkon da na fi ganin yana kama masu gaggawa shi ne alamar s. Ka manta ragin nan, ka rubuta 0.6, v za ta fito −2.52 sumul, ka yi ta murna. Amma u ta juye zuwa +0.64, takardarka ta ce sandar da ake dannawa ja ake yi mata. In kuwa ditaminan ya fito sifili, kada ka zagi kwamfuta: ko ka manta ɗaure gaɓoɓin bango, ko akwai gaɓar da babu sandar da ta riƙe ta ta wata fuska. Cire ta gangaren ka gani, gidan ƙarshe fayau zai zama.

Abu ɗaya zan bar muku ku yi taƙama da shi. Jadawalin ya ɗauka gaɓoɓi fil ne kuma motsin ƙanƙane ne, bai san lanƙwashewa ba. Siririyar sanda mai mita 4 da ke ɗauke da matsin 16 kN tana iya gantsarewa alhali lissafi na cewa 0.64 mm, don haka sai an auna ta daban da ƙa'idar Euler kafin a kira mai walda.