Jagora Ga Wanda Aka Ɗora Wa Sauƙaƙa Turancin Allon Majigi

A yawancin ma'aikatu da kamfanoni akwai wani nau'in rubutu da ake tsarawa a manhajar PowerPoint, wadda ta fara fitowa a shekarar 1987, wato jerin alluna da ake haskawa da majigi a ɗakin taro, kowane allo ɗauke da jimloli kaɗan masu nauyin gaske. Harshen waɗannan alluna Turanci ne a zahiri, amma masu nazari za su fi dacewa da kiran sa zaurancen ofis, domin an gina shi ne yadda mai magana zai yi kwarjini, mai sauraro ya gyaɗa kai, a tashi taro ba tare da an ɗora wa kowa alhakin komai ba. Matsala takan taso ne ranar da aka ce a tura allunan ga ma'aikatan da Turanci harshensu na biyu ne ko na uku, waɗanda kuma su ne za su aiwatar da abin da aka rubuta, sai a nemo wani bawan Allah a ce masa ya ɗan sauƙaƙa su kafin azahar. Domin wannan bawan Allah aka tsara bayanin da ke tafe, kuma za a bi jimla guda ɗaya tak daga farko har ƙarshe, saboda wanda ya iya kwance ɗaya ya iya kwance sauran.

A ɗauka cewa wani kamfanin sayar da takin zamani ya rubuta wannan a allonsa na huɗu:

```
Leveraging cross-functional synergies will enable the operationalization of last-mile distribution optimization initiatives going forward.
```

Matakin farko shi ne awo, domin shugabanni ba sa yarda da ciwon da ba shi da lamba. A shekarar 1948 Rudolf Flesch ya fitar da ma'aunin sauƙin karatu, wanda ke duba abu biyu kacal, wato yawan kalmomi a jimla da yawan gaɓoɓi a kalma, gaɓa kuwa ita ce yankin kalma da ake furtawa a bugu ɗaya. Ana ɗaukar 206.835, a cire matsakaicin tsawon jimla bayan an ninka shi da 1.015, a sake cire matsakaicin gaɓoɓin kalma bayan an ninka shi da 84.6, kuma gwargwadon girman sakamakon gwargwadon sauƙin rubutun. Jimlar da ke sama tana da kalma 14 da gaɓa 44, wanda ke ba da maki kusan 73 ƙasa da sifili, a ma'aunin da aka saba ganin sakamakonsa tsakanin sifili da 100. Ya kamata mai sauƙaƙawa ya adana wannan lamba da kyau, amma kada ya nuna wa marubucin allon, domin akwai yiwuwar ya ɗauke ta a matsayin lambar yabo.

Mataki na biyu, wanda shi ne ainihin aikin, shi ne farautar aikau, wato wanda ya aikata ko zai aikata aikin da jimla take magana a kai. Zaurancen ofis yana ɓoye aikau ta wata dabara da masana nahawu ke kira mayar da aikatau suna, inda ake ɗauko kalmar aiki a maƙala mata jela irin `-tion` ko `-ment`, sai aikin ya daskare ya koma abu, abu kuwa ba ya bukatar wanda zai yi shi. A jimlar takin nan an daskarar da aiki uku ta wannan hanya: fara aiwatarwa, da rarrabawa, da kyautatawa. Idan aka narkar da su suka koma aikatau, kowannensu zai fara neman mai shi, kuma a nan ne mai sauƙaƙawa zai gano cewa babu mutum ko guda a cikin kalmomi goma sha huɗun, ba direba, ba mai tsaron sito, ba manaja. Abin da jimlar ta ba muƙamin aikau shi ne cin moriyar haɗin gwiwa, wanda har yau ba a taɓa ganin sa ya ɗaga buhu ba.

Dole ke nan a tashi a je wurin marubucin da tambaya uku: wa zai yi, me zai yi, yaushe zai yi. Ana ba da shawarar a yi sallama cikin ladabi, a yabi launin allon, sannan a jefa tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, domin sau da yawa marubucin bai taɓa yi wa kansa su ba, kuma zai iya neman a ba shi zuwa gobe. Abin da bai halatta ba shi ne mai sauƙaƙawa ya cike giɓin da tunaninsa, domin duk ranar da ya ƙirƙiro ko sashen da ya ambata da kansa zai zama alkawarin kamfani a idon mai karatu, ranar da alkawarin ya tashi kuwa an san ƙeyar da za a tasa.

Kafin amsa ta iso, akwai tarin sunayen nan huɗu na `last-mile distribution optimization initiatives` da suka cancanci kulawa ta musamman. Turanci yana jera sunaye ne ya ajiye babban a ƙarshe, ta yadda sai an kai kalma ta huɗu ake sanin cewa maganar shirye-shirye ake yi, sauran ukun duk bayani ne a kansu. Hausa da Larabci da Faransanci kuwa sukan fara da babban suna su bi shi da bayaninsa, shi ya sa mai karatun da ya tashi da ɗayansu yake riƙe kalmar farko a matsayin kan magana, ya tafi da ita, sai a ƙarshe ya gane cewa daga wutsiya ya kamata ya faro. Masu rubuta littattafan gyaran jirgin sama, waɗanda kuskuren fahimta ke iya jawo musu asarar rai, sun daɗe da rufe wannan ƙofa: ƙa'idar sauƙaƙan Turancin fasaha da aka fara fitarwa a 1986, wadda yanzu ake kira ASD-STE100, ta hana jera sunaye fiye da uku, ta kuma iyakance jimlar umarni ga kalma 20, ta bayani ga kalma 25. Bai kamata allon taki ya fi littafin gyaran inji wahala ba, duk da cewa yakan yi ƙoƙari.

A nan ne kuma tarko mafi haɗari yake, kuma ƙwararru a Turanci sun fi faɗawa cikinsa. Wanda ya ji an ce dogayen kalmomi su ne cuta yakan ruga ya musanya su da gajeru, ya fito da irin wannan:

```
We will team up, iron out the kinks and roll it out down the line.
```

Wannan jimla tana da kalma 15 da gaɓa 16, makinta a ma'aunin Flesch ya haura 100, wato a lissafi ɗan firamare ma zai karanta ta yana hamma. Sai dai an yi gudun gara an faɗa gidan zago, domin an cika ta da aikatau masu rakiya, wato gajeren aikatau da ake haɗa shi da ƙaramar kalma irin `up` ko `out` sai ma'anarsa ta sauya gaba ɗaya. Mai karatun da ya koyi Turanci a aji ya san kowace kalma a jimlar, kuma da wannan sanin ne zai fahimci cewa kamfanin zai yi guga, sannan ya mirgino wani abu a kan layi. Ma'aunin yana ƙirga gaɓoɓi ne kawai, bai san abin da ke cikin kan mai karatu ba. Ga ma'aikacin da ya yi boko da Faransanci a Maraɗi ko Damagaram, doguwar kalma irin `distribute` ko `continue` ta fi `hand out` da `carry on` sauƙi nesa ba kusa ba, saboda yana da 'yar uwarta a harshen makarantarsa. Amma ko a nan sai an yi hattara, domin `eventually` a Turanci tana nufin daga ƙarshe abin zai faru, mai kama da ita a Faransanci kuwa tana nufin wataƙila, tsakanin alkawari da wataƙila kuma akwai tafiyar yini.

A ɗauka marubucin ya dawo da amsa, cewa sashen ciniki da sashen sito ne za su riƙa tsara kai kaya tare daga watan Maris, don taki ya riƙa isa shagunan ƙauye cikin kwana uku maimakon bakwai. Sai a rubuta:

```
From March, the sales team and the store team will plan deliveries together. Fertilizer will reach village shops in three days, not seven.
```

Makin wannan ya kai kusan 74, amma abin lura shi ne kalmomin sun ƙaru daga 14 zuwa 23, wanda ke rushe zaton cewa sauƙaƙawa daidai take da taƙaitawa. Mai sauƙaƙawa zai fuskanci ƙorafin cewa rubutun ba ya shiga allo, maganinsa kuwa shi ne a raba allon biyu ko a cire hoton mutanen nan masu musabaha, wanda bai taɓa ƙara wa kowa ilimi ba. An kuma rubuta sunan wata da haruffa da gangan, domin lamba irin `03/04` tana nufin 4 ga Maris a Amurka, 3 ga Afrilu a Birtaniya da Nijeriya. Idan akwai kalmar sana'a ta gaskiya da ma'aikatan za su sake cin karo da ita a takardun aiki, kamar `last mile`, wato zangon ƙarshe na kai kaya daga sito zuwa hannun mai saye, to a bar ta, a fassara ta sau ɗaya, a kuma riƙe ta ita kaɗai har ƙarshen allunan. Malaman insha'i sun hori ɗalibai da su guji maimaita kalma, amma wanda ya kira abu ɗaya da suna uku a allo uku ya sa mai karatu neman abubuwa uku.

Saura gwaji, kuma ba a yin sa da tambayar ko an gane, domin kunya da ladabi sun riga sun amsa wannan tambaya da e tun kafin a yi ta. Ana ba wa mutum ɗaya daga cikin waɗanda aka rubuta dominsu allon ya karanta, a rufe shi, sannan a nemi ya faɗa da harshen da ya ga dama wa zai yi me, kuma yaushe. Idan ya ambaci sassan biyu da Maris da kwana uku, jimlar ta tsira. Idan ya maimaita kalmomin allon kamar mai ba da hadda, ko ya ce ana maganar ci gaba ne, to akwai sauran aiki. Wani lokaci kuma marubucin ba ya dawowa da amsa ko kaɗan, saboda bayan dogon tunani ya tabbatar babu wanda zai yi komai a kowane wata. Irin wannan jimla gogewa ake yi, kuma ana so mai sauƙaƙawa ya sanar da shugabansa a rubuce cewa allo na huɗu ya samu cikakken sauƙi, tare da ajiye kwafin tsohon a wani wuri, domin a taron wata mai zuwa za a tambaye shi inda ya kai shi.