Ni da Tiyar Tambayoyina

Duk wanda ya daɗe riƙe da alli yana fama da wata cuta da ba a sayar da maganinta a kemis: gani yake duk inda mutum uku suka zauna aji ne, shi ne kuma malaminsu. Ni tawa ta yi tsanani. Shi ya sa da malamin da ke ja mana karatu a wani zaure a Gumel zai tafi Umara, ya ce a samu mai tsara tambayoyin da za mu riƙa tattaunawa a kan abin da ya riga ya karantar, ban bari ya rufe baki ba na gyara zaman hula na yi tari. Aka ce to Malam ya ɗauka.

Zauren namu ba na manyan malamai ba ne. Akwai ɗan awo mai rumfar hatsi, da dillalin shanu wanda duk Alhamis a kasuwar Maigatari yake wuni, da manomin riɗi ɗan Gagarawa, da wani matashi mai acaɓa da ke jigila zuwa Sule Tankarkar, sai Baba tela, dattijon da ya fi mu shekaru, ya fi mu shiru. Karatun da aka bar mana shi ne farkon Suratul Muɗaffifina, sura ta 83, mai ayoyi 36. Ayoyi shida na farko kaɗai za mu duba, waɗanda suka yi gargaɗi ga masu tauye awo, suka kuma tuna musu ranar tsayuwa gaban Ubangiji. Muna da tarjamar Hausa ta Shaihu Abubakar Mahmud Gumi, mai acaɓa ne ke karanta mana da ƙarfi.

Na koma gida na kakkaɓe tsohon littafin da na yi karatun koyarwa da shi, na nemo matakan Benjamin Bloom na 1956, waɗanda suka jera tunani hawa shida, daga tuna abu har zuwa yanke masa hukunci. Matakan ba su da laifi. Laifin na wanda ya ga tsani ne ya ce shi daga sama zai fara hawa. Na cika takarda gaba da baya, na kai shagon kwamfuta aka buga, har da sunana a ƙasa da jerin takardun shaidata, don kada wani ya ɗauka aljani ne ya rubuta. Na ce a raina ba zan ɓata lokacin manya da tambayar 'yan firamare ba, kai tsaye zan dira kan zuciya. Bayan Isha'i na miƙe tsaye, a zauren da kowa ke zaune kan tabarma, na karanto ta farko da muryar mai duba makarantu: “Wane ne a cikinmu ya taɓa tauye mudu, kuma yaya ya ji a ransa?”

Jama'a, ban taɓa jin shiru mai nauyin wannan ba. Babu wanda ya juya kai, amma duk idanun zauren suka gangara gefe guda, suka sauka kan ɗan awo. Bawan Allah ya duba agogon da ba ya ɗaure da shi, ya ce ya tuna bai rufe rumfa da kyau ba, ya nemi takalmansa. Dillali ya bi shi, wai zai haska masa hanya. Ni kuwa don in ceto zaman sai na tsallaka tambaya ta biyu, wadda ta nemi a yi nazarin tasirin tauye awo ga tattalin arzikin ƙasashe masu tasowa. Manomin riɗi ya ce, “Malam, wannan ai sai gwamna.” Shayin da aka dafa ma bai samu masu sha ba, ni na shanye kofi biyu don kada mai gida ya ji kunya.

Da mako ya zagayo, bayan na je rumfar ɗan awo na ba da haƙuri har na sayi geron da ba na bukata, sai na koma ɗaya gefen. Na zo da tambayoyi masu laushi waɗanda ba za su taɓa kowa ba. Shin tauye mudu abu ne mai kyau? Aka ce a'a. Shin ya kamata mu ji tsoron Allah? Aka ce ƙwarai. Ashe ba gaskiya ba ne cewa mumini ba ya cuta? Aka ce gaskiya ne, Malam. Kafin ruwan shayi ya tafasa mun gama. Wadda ta ɗan yi tsawo kuwa, amsarta na aljihuna, duk wanda ya faɗi wani abu sai in ce ya kusa, har suka gane ba tunani nake nema ba, so nake a canki abin da ke cikin kaina. In shiru ya yi daƙiƙa ɗaya sai in amsa da kaina. Abin haushin, ni ne mai koya wa ɗalibai binciken Mary Budd Rowe, wadda ta gano malamai kan jira kusan daƙiƙa ɗaya kacal bayan tambaya, alhali in an kai uku amsoshi kan ƙara tsawo, masu magana su ƙaru.

Da aka watse Baba tela ya riƙe ni a ƙofar zaure. Ya ce, “Malam, ranar farko ka tambaye mu abin da ba mai faɗa a gaban mutane, yau kuma ka tambaye mu abin da ba mai musu. Ka fara da abin da ke kan takarda mana, kowa ya gani da idonsa. In mun gani, ka tambaye mu me ake nufi. In mun gane, ka kai mu kasuwa. Sannan ka sallami kowa ya tafi gida da tasa.” Na ce ai abin da Bloom ya faɗa ke nan. Ya ce bai san shi ba, amma a gaishe shi.

Na zauna na rage kayana zuwa tambaya shida, don zaman awa ɗaya ba ya ɗaukar fiye da haka in ana so kowa ya yi magana. Biyu na farko na gani da ido ne, amsarsu na cikin ayoyin, wanda bai yi makaranta ba ma zai iya nunawa in an karanta masa. Na rubuta: mutanen nan, me suke yi in su ake auna wa, me kuma suke yi in su ke aunawa? Sai ta biyu: wane irin awo aka ambata wajen karɓa, wane iri wajen bayarwa? Da muka sake zama na kawo ta biyun nan, sai mai acaɓa, wanda na ɗauka karatu kawai ya iya, ya ce a sake karantawa. Ya lura cewa wajen karɓa mudu kaɗai aka ambata, wajen bayarwa kuwa an ambaci mudu da sikeli. Na sha karanta surar nan, ban taɓa ganin haka ba. Na gyaɗa kai irin na wanda ya daɗe da sani.

Biyu na tsakiya na fahimta ne, su ne masu farawa da me ya sa. Me ya sa aka haɗa karɓa da bayarwa, ba a tsaya kan tauyewa kaɗai ba? Me ya sa maganar mudu ta zarce kai tsaye zuwa maganar tashin ƙiyama? Na ciji leɓe na ƙirga uku a zuci, na ƙara uku. Sai ɗan awo da kansa ya buɗe baki. Ya ce wanda ya cika wa kansa ya san yadda cikakken awo yake, don haka ba kuskure ya yi ba, ma'auni biyu gare shi. Ya ce kuma abin da ake ragewa ɗan kaɗan ne, mai saye ba zai kai ƙara gaban alƙali a kansa ba, shi ya sa aka tuna wa mutum kotun da ba a ɓoye mata komai. Na ƙara musu da abin da Malam ya faɗa mana daga Ibnu Abbas, cewa mutanen Madina sun yi ƙaurin suna wajen awo kafin saukar ayoyin, daga baya suka gyara. Da dillali ya tambayi hukuncin la'adar da ake karɓa hannu biyu, na ce a rubuta a ajiye wa Malam. Tambayar tattaunawa ba ta ba da fatawa, wannan kam ko ni na sani.

Ta biyar ita ce mai fita da mu waje ba tare da nuna kowa da yatsa ba: ban da hatsi, a ina ake samun ma'auni biyu a garin nan? Zaure ya kaure. Manomin riɗi ya kawo masu saye da tiya mai tozo da kaka, su sayar da shafaffiya da bazara. Dillali ya kawo mai ɗura wa sa ruwa kafin a shiga kara. Mai acaɓa ya kawo litar 'yan bumburutu. Baba tela ya ce har mai karɓar yadi biyar ya ɗinka huɗu da rabi. Kowa daga sana'arsa ya ɗebo misali, ba wanda ya ji an ci masa fuska. Ni kuwa ina ta kumbura, ina tunanin yadda zan ba Malam labari in ya dawo.

Ta shida na tsara ta da kyau, ba a amsa ta da baki, don addini bai ce mutum ya tona asirin kansa a bainar jama'a ba. Kowa ya nemo a ransa wuri ɗaya da yake karɓa cikakke ya bayar da ragagge, da abu ɗaya da zai gyara kafin zama na gaba. Da na tsaya nan da na fita da mutuncina. Amma daɗin nasara ya ɗebe ni, na ce, “Mu ma'aikata dai Allah Ya tsare mu, ba mu da mudu balle mu tauye.”

Ɗan awo ya ɗago kai a hankali. Ya ce, “Allah gafarta Malam, darasi ɗaya minti nawa ne a makarantarku?” Na ce 40. Ya ce, “To, buhu ma tiya 40 ne. Yaron wajena yana ajinka. Ya ce sai an ci minti goma kake shigowa, ka tsaya gaisawa a ƙarƙashin darbejiya. In na ba ka buhu babu tiya goma, za ka karɓa?” Kafin in haɗiye yawu ya ƙara da cewa, “Albashin kuma, in ya zo babu naira ɗari, har rumfata muna jin faɗanka.”

Aka yi dariyar da har mai gida ya leƙo daga cikin gida. Na buɗe baki in kawo uzurin taron malamai da nisan hanya, sai na tuna ni na hana a kare kai a tambaya ta shida. Baba tela bai yi dariya ba, ya dai miƙo mini kofin shayi ya ce, “Sha, Malam. Tambayarka ta yi kyau, tun da ta kama mutum.”

Yanzu ina shiga aji kafin a gama kaɗa ƙararrawa, har ɗalibai na tambayar ko lafiya. Kai kuma da za a ba wa tsara tambayoyin zaurenku, fara da abin da ido ke gani, ka bi da abin da ake nufi, ka zaga gari, sannan ka bar kowa da zuciyarsa. Tambayar ƙarshen nan kuwa, ka amsa ta kai kaɗai a ɗaki tun kafin ka fito, domin a zauren akwai wanda ɗansa ke ajinka.