Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ƙaramin Ƙamusuna Na Larabci

Allah gafarta Malam Ƙamus,

Bayan gaisuwa irin ta almajiri ga malaminsa, ina fatan kana nan lafiya a inda na bar ka, wato ƙarƙashin ƙafar teburin nan mai rawa. Kada ka ɗauki wannan muƙami a matsayin wulaƙanci. Tun da na saye ka a Kasuwar Kurmi, ana saura kwana uku in tashi zuwa Alƙahira, ba ka taɓa yin aikin da ya tsaya daram kamar wannan ba.

Ƙorafi na kawo, kuma a kan kalma ɗaya tak. Ka buɗe kanka a babin harafin jimun, ka gangara zuwa jawaz. Me ka rubuta? Ka ce izini ne, halasci ne, kuma in an ce jawazus safar to fasfo ake nufi. Ka tsaya nan, ka kama bakinka, kamar mai dalilin aure da ya san amarya na da ciwon aljanu amma ya ce ba a tambaye shi ba.

Na sani za ka ce ba ƙarya ka yi ba. Gaskiya ne. Tushen kalmar shi ne wucewa da halatta, kuma duk wanda ya zauna a zaure ya san ja'izi tun kafin ya san filin jirgi. Aure kuwa, ka ajiye shi can nesa a babin zayun, ka ce sunansa zawaj. Tsakanin shafukan biyu akwai tafiya. Abin da ba ka faɗa ba shi ne mutanen Masar sun daɗe da rushe katangar da ke tsakaninsu. Sun ɗauki zawaj sun juya haruffansa, yadda mu ma muke cewa bagaruwa wasu su ce gabaruwa, ko hawainiya wasu su ce wahainiya, sai ya koma jawaz. Sannan mutumin Alƙahira ba ya furta jimun, ga yake cewa. Shi ya sa miji a bakinsa goz ne, aure kuma gawaz. Fasfo fa? A takardar hukuma shi ma gawaz ne. Amma a titi da cikin gida, basbor suke ce masa, su huta. Saboda haka in ka ce gawaz tsirara, ba ka jingina masa safar ba, a cikin falon dattijo mai 'ya budurwa, to babu wanda zai kawo jirgin sama a ransa.

Ga yadda aka yi. Wata na huɗu ke nan da zuwana karatu Azhar. Ban samu gurbi a Madinatul Bu'us ba, masaukin ɗaliban ƙasashen waje da ke Abbasiyya, sai muka kama haya mu uku a Hayyul Ashir, can Madinat Nasr, inda in ka yi atishawa wani zai ce maka yarhamukallahu da Hausar Damagaram ko ta Kumasi. Mai gidan dattijo ne, kowa Haggi yake ce masa, yana zaune a hawa na farko da iyalinsa. Ya karɓi fasfona don a ɗauki hotonsa a haɗa da takardar haya, ya ba 'yarsa da ke aiki a wani kantin littattafai mai injin fotokwafi. Ni kuma takardar izinin zamana, wadda suke kira iƙama, tana gab da ƙarewa, dole in kai fasfo ofis kafin Alhamis.

A lokacin kaina ya fara girma. Na gaji da dariyar da direbobin tasi suke yi mini in na zuba musu Larabcin littafi, har wani ya taɓa jira na gama faɗa masa inda za ni, ya ce sadaƙallahul azim. Sai na koyi dokoki biyu na harshen gari: jimun ya koma ga, ƙaf kuma ya ɓace ya bar hamza, har alƙalami ya zama alam, wanda kai a wurinka raɗaɗi ne. Na ga ai na gama da Masar. Na duba ka, na ga jawaz, na mayar da shi gawaz da hannuna, na yar da safar don ya yi mini tsawo. Na sa farar jallabiyata da na goge da sitaci, don Juma'a ce, na sayi 'yar basbusa a hanya saboda an koya mana ba a zuwa gidan babba hannu rabbana. Ka duba wannan shiri, Malam. Ko ni ne Haggi, abin da zan zata ke nan.

Na yi sallama, aka zaunar da ni a falon baƙi, kan kujerun nan masu ruwan zinariya da ba a cire musu leda ba. Na gyara murya na ce, "Ya Haggi, ana gay ashan el-gawaz." Nufina, na zo ne saboda fasfo.

Dattijo ya ajiye carbi. Ya dubi jallabiya, ya dubi basbusa. Ya ce, "Gawaz ɗin wa, ya ibni?"

Na dafa ƙirji na ce, "Nawa."

Ya ce, "Ma'a min?"

A nan ma da hannunka a ciki. Ma'a tana nufin tare da, kuma da ita ake cewa abu yana hannun wane. Ni na ji yana tambaya fasfon yana wurin wa. Shi kuwa yana tambaya da wa za a yi. Na ce, "Ma'a bintak." Na ƙara da murmushi, don ya ga ba na zarginta da jinkiri.

Ashe matarsa Hagga tana bayan labule. Wata guɗa ta tashi wadda ban taɓa jin irinta ba ko a Fage, su zagruta suke ce mata, har karen mai gadi ya amsa daga ƙasa. Kafin in farga, an shigo da tire cike da jan sharbat mai ƙanshin fure. Daga baya na ji cewa wannan abin sha na ranar farin ciki ne, baiko ko cin jarrabawa. Ni a raina cewa nake, kai, Misrawa akwai karamci, fotokwafi kawai sai an yi walima. Na shanye kofi biyu.

Haggi ya ɗaga hannu ya tsayar da murna. Ya ce shi ya san ni yaron kirki ne, yana ganina a sahun farko da asuba, amma ba a karanta Fatiha sai an yi magana. Na ce ai Fatiha ba ta jiran komai, mu karanta yanzu ma. Har na ɗaga tafuka. A garinmu ko akuya aka saya ana iya shafa Fatiha. A Masar kuwa, in iyalai biyu suka karanta ta a irin wannan zama, an ba da yarinya ke nan, saura zobe. Allah ya taimake ni dattijon ya kama hannuna ya sauke.

Ya ce, "Me ka tanada?"

Shi yana nufin shabka, gwalagwalan da ango ke saya wa amarya, da sadaki, da gidan da za a zauna, wanda a can wuyan namiji yake hawa, kuma shi ke sa samari su yi furfura ba su yi aure ba. Ni kuma na lissafa shafi huɗu na fotokwafi. Na laluba aljihu na fito da fam biyar na ɗora a tebur, na ce in akwai canji a bar wa yarinya.

Falon ya yi tsit. Ana jin ledar kujera tana ƙara a ƙarƙashina.

Ya daure ya ce, "Ka taɓa yin gawaz a baya?"

Na ce ƙwarai, na yi ɗaya a Kano. Ya ce ina aka kwana? Na ce ya ƙare, ai namu na Nijeriya shekara 5 yake yi, in wa'adi ya cika sai ka je ofis ka biya kuɗi a ba ka sabo. Na ƙara masa bayani cewa wannan ma in ya cika shekara biyar canza shi zan yi. Hagga ta leƙo ta janye tiren sharbat daga gabana a hankali, yadda ake janye wuƙa daga hannun yaro.

Tambayar ƙarshe ita ta ƙarasa ni. Ya ce to mene ne na gaggawa? Na ce wallahi, ya Haggi, ba don iƙama ba da ban dame ku ba. Ina so in same shi kafin Alhamis, in kai ofis a buga mini hatimi, bayan nan ko a akwati zan jefa shi.

Ka san baƙon da ya auri 'yar ƙasa yana iya neman izinin zama ta wannan hanya, kuma kowane uba a unguwar baƙi ya san labarin. Fuskar Haggi ta koma kalar sharbat. Ya miƙe. Ya fara wata huɗuba da Larabcin da babu kalmarsa ko ɗaya a cikinka, na duba daga baya. Abin da na tsinta kawai shi ne Azhar, da haram, da wani abu game da takalmi. Na tsaya ina gyaɗa kai ina cewa na'am, don an ce in babba yana faɗa ba a katse shi.

Ana cikin haka aka turo ƙofa. Yarinyar ce ta dawo daga kanti, ba ta san wainar da ake toyawa ba. Ta gan ni, ta buɗe jaka, ta zaro koren littafina da takardu huɗu, ta miƙo ta ce, "Itfaddal, el-basbor."

Na karɓa da hannu biyu, na ɗaga shi sama na nuna wa mahaifinta, na ce, "Ga shi! El-gawaz!"

Malam, na ga mutane suna dariya a rayuwata, amma ban taɓa ganin dattijo mai shekara sittin da wani abu ya zame daga kujera ya zauna a kan kafet yana dukan ƙasa ba. Hagga ta dawo da tiren. Yarinyar da aka yi mata bayani ta rufe fuska ta gudu ciki, kuma daga ranar har na bar gidan, in muka haɗu a matattakala sai kowa ya kama nazarin bango. Ni ban gane komai ba sai da daddare, da wani babban ɗalibi ɗan Maraɗi ya zaunar da ni ya warware mini zancen tiryan-tiryan, yana yi yana share hawaye. Shi ne ya nuna mini ƙamusun Larabcin Masar na Badawi da Hinds, na 1986, wani ƙato da ya yi goma ɗinka. Na so in saya, na ji kuɗinsa, na dawo gare ka.

Buƙatata ba ta da yawa. In Allah ya sa za a sake buga ka, a ƙara layi ɗaya a ƙarƙashin jawaz, ko da ƙananan haruffa ne: a Masar kada a faɗe shi babu safar, musamman in an sa farar riga. Kuma ina neman diyya. Shekara huɗu na yi a unguwar nan babu wanda ya kira ni da sunana. Mai gadi, mai burodi, yaran makaranta, har limamin masallaci, kowa ya Aris, wato ango. Ranar da zan dawo gida Haggi ya rako ni bakin tasi, ya rungume ni, ya tambaye ni a kunne ko gawaz ɗina yana aljihu, ko kuwa har yanzu yana wurin 'yarsa.

Fam biyar ɗin nan ma ba a ba ni canji ba. Hagga ta ce ta riƙe a matsayin kafin alƙalami.

Naka almajiri,
Angon Hayyul Ashir